Idan Hali Ya Yi

Shekara talatin Kawu yana kafinta, ban taɓa jin ya ce wa mutum "biya ni" ba. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya zage ta tas, amma a gaban wanda yake bi bashi sai ya hau sosa ƙeya, kai ka ce shi ya ci kuɗin.

Kujeru sittin ya yi wa wani otal. Katakon bashi ya karɓo, ya jinginar da injinsa na yanka wajen mai katako, a kan zai biya ran da wata uku suka cika. Takardar kuɗin da ya kai wa otal ta ce a biya cikin kwana talatin. Talatin suka cika, mako uku suka hau kai, shiru.

Ni ce mai kwamfuta a gidan, don haka ni na rubuta wasiƙar tuni. Na yi gaisuwa, na sa lambar takardar da yawan kuɗin da ranar da ya kamata a biya. Na haɗa da kwafi da lambar asusunsa, na ce in da matsala a sanar da mu. A ƙarshe na rubuta: "Muna roƙon a biya cikin kwana bakwai daga yau."

Kawu ya karanta a tsaye, garin katako har a girarsa.

"Kwana bakwai? Ke alƙali ce? Goge. Sa 'idan hali ya yi'."

"Kawu, injinka fa!"

"'Yar nan, mutum ba ya tsare mutum da rana."

Na goge, raina a ɓace. Har yau ina jin haushin yatsan da ya goge.

Kwana tara ba amsa. Na raka shi otal ɗin. Akawunsu ya ba mu kujera, cikin waɗanda Kawu ya yi musu ma, ya jawo fayil biyu na masu bin otal ɗin bashi.

"Baba, kuɗin da suka shigo ba su isa a biya kowa da kowa ba. Manaja ya ce a fara da waɗanda suka sa rana. Wasiƙarka ta ce idan hali ya yi, sai muka ɗauka ba ka matsu ba. Wallahi duk cikinsu ba wadda ta kai taka ladabi. Sai biyan wata mai zuwa."

Kawu ya yi godiya. Godiya fa!

Mai katako kuwa ya sa rana, kuma bai manta ba. Mutum huɗu suka kwance injin suka ɗora a mota. Abin da ya rage a shagon ramukan ƙusoshi huɗu ne a siminti, da tsohon zarton hannu da kafaɗarsa ba ta iya ja yanzu.

Na same shi yana share wurin. Bai ɗago ba.

"Kin dai ji abin da akawun ya ce," in ji shi. "Ba wadda ta kai tamu ladabi."