Kina Haihuwa Zai Wuce

Yayata tela ce, kuma tun tana budurwa ciwon mara ke sauke ta daga kan keken ɗinki duk wata. In ta durƙusa tana murƙususu, Inna ta ce, "Raki ne. Kina haihuwa zai wuce."

Ta yi aure, shekaru suka ja, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai da likita ta leƙa da kyamara ta cibiyarta aka ga ta'asar: irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, tabonsa ya toshe hanyoyin ƙwai. Aka kankare, ciwon ya lafa, ciki bai zo ba.

Yaya ta roƙi a sake aikin. Likita ta ce kowane yanka rage mata ƙwai yake, gara a haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a waje, a dasa mata. An dasa, bai kama ba.

Inna ta same ta a shago tana ɗinka rigar jaririn wata, ta ce ta yi haƙuri. Yaya ba ta ɗago ba.

"Inna, haƙurin ne ya kawo ni nan."