Digirin da Muka Amince da Su a Buza

A ƙarshen shekarun sittin ni ne sakataren kwamandan Buza, wato sufurefe, mai mulkin gundumar. Duk takardar da za ta shiga birona, wato ofishina, sai na sa mata lamba, duk wadda za ta fita sai na buga mata tampo, wato hatimi. Ina da birebe, shaidar shekara huɗu a kwaleji bayan firamare, kuma a wancan zamani mai birebe ba ya sunkuyar da kai a gaban kowa sai iyayensa.

A cikin rani aka buɗe gurbin aiki guda: shugaban masu ginin rijiyoyin siminti da gyaran mashigan koramu. Takardar da ta zo daga Yamai ta ce mai nema ya kasance yana da sartifika, wato shaidar gama firamare, ko birebe. Ban ƙara kome ba, ban rage ba, na liƙa ta a ƙofa.

Kwana uku bayan haka wani mutum mai kimanin shekara ashirin da takwas ya yi sallama. Ɗan ƙauyen Tama ne. Tun yana ƙarami kawunsa, wani ɗan kasuwa, ya tafi da shi Najeriya, can ya yi karatunsa duka. Mahaifinsa ya rasu a damanar da ta wuce, mahaifiyarsa ta tsufa, ba ta da wani ɗa namiji, ta kuma rantse ba za ta bar Tama ba sai dai a makara. Shi kuwa bai iya noma ba. Idan bai sami aikin nan ba, dole ya koma inda ya fito, ya bar ta.

Ya miƙo mini takardar tarihin karatunsa, abin da ake kira CV, bugun keken rubutu mai tsabta. A gaban sunansa akwai haruffa uku: HND. A ƙasa ya sa sunayen malamansa biyu waɗanda za su shaide shi, ɗaya da BSc da MSc a bayan sunansa, ɗayan da BSc da PhD.

Na ce, "Malam, ina sartifika?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban da shi. Amma wanga ya hi shi."

"Birebe fa?"

"Shi ma ya hi shi."

Ban ji daɗin wannan amsa ba, amma na sa wa takardar lamba, domin aiki aiki ne.

Kwamandan tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutum mai son tsari. Ya duba haruffan ta cikin tabarau, ya cire tabarau ya sake dubawa, sa'annan ya ce al'amari irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne, a kafa kwamiti. Aka kafa. Shi ne shugaba, direktan lakwal shi ne masani, ni ne marubuci. Aka ƙara da manjo, babban ma'aikacin jinya na gidan likita, saboda ya taɓa raka marar lafiya Sakkwato, ana ganin ya san ƙasashen waje.

Muka zauna ranar Talata da hantsi. Aka kira mai nema, aka ba shi kujera da alli da allo. Kwamandan ya ce a fara daga ƙasan takarda, domin sai an san darajar mai shaida kafin a karɓi shaidarsa.

Mutumin ya yi bayani a natse. Ya ce BSc taƙaitawar Bachelor of Science ce, digirin farko na jami'a a fannin kimiyya, shekara uku ko huɗu bayan an gama sakandare. Direkta ya buga tebur da murna, ya ce, "Lisans ke nan!" Na rubuta. Ya ce MSc kuwa Master of Science ne, digiri na biyu, shekara ɗaya ko biyu a kan na farko, yawanci da ɗan bincike. Direkta ya ce a Faransa ma akwai mataki tsakanin lisans da doktora, wannan ɗan'uwansa ne. Na rubuta. Ya ce PhD shi ne Doctor of Philosophy, na ƙarshe: mutum ya yi shekara uku ko fiye yana binciken abin da ba a riga an sani ba, ya rubuta littafi a kai, manyan malamai su titsiye shi da tambayoyi. Ya ƙara da cewa ko da sunan ya ambaci falsafa, ana ba da shi a kowane fanni, har binciken ƙasa da ruwa.

"Doktora," in ji direkta, yana lumshe ido kamar wanda ya sha fura mai sanyi.

Kwamandan ya ce, "Madalla. To kai, cikin ukun ga wanne ad da kai?"

"Ba ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Manjo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Af! Ashe tun ɗazu rigunan mutane kake gwada muna!"

Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce nasa Higher National Diploma ne, babbar difloma ta makarantar fasaha, ba ta jami'a ba. Bayan sakandare ya yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda yana aiki a shantiye, wato wurin gini, ya koma ya yi wasu biyu a fannin gini da hanyoyi. Ya ce mai BSc ya fi shi zurfi a ilimin lissafin abu, shi kuwa an horar da shi ne ya tsaya a kan aiki: ya auna ƙasa, ya karanta zane, ya san kwaɓin simintin da zai riƙe da wanda zai fashe.

Direkta ya miƙe ya zana tsani a allo: sartifika, birebe, bak ta ƙarshen sakandare, lisans, har doktora. Ya ba shi alli, ya ce ya nuna matakinsa. Mutumin ya yi ɗan tunani, ya ɗiga alama sama da bak, ƙasa da lisans kaɗan, amma a gefen tsanin, ba a kansa ba.

Direkta ya ce, "A'a, ɗana, nan iska ce. Ba a tsayawa bisa iska."

Sai kwamandan ya ce a matsar da alamar ta hau tsanin, a huta. A nan ne na ga wajibi ne in yi magana, domin ni kaɗai na haddace dokar ma'aikata. Na tunatar da kwamiti cewa duk wanda ya wuce bak ba mu da ikon ɗaukarsa. Dosiyensa, wato takardunsa, Yamai za ta tafi, kuma Yamai ba za ta bar mutum irin wannan yana gyaran rijiya a Buza ba, za ta kira shi can, ko ta tura shi inda ta ga dama. A ɗakin nan kaf, har da mai girma shugaban kwamiti, babu wanda ya taɓa zama jarrabawar bak.

Mutumin ya ce da sauri, "To a sauko da ni ƙasa. A ce birebe ce."

Direkta ya ce shi ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Shekara goma sha shida na karatu ba birebe ba ne, ko da mai su ya roƙa. Manjo ya kawo shawarar a ba shi kwando da siminti ya gina wani abu mu gani. Kwamandan ya ce babu wurin rubuta kwando a cikin dosiye.

Muka tashi bayan azahar. Rahoton da na buga yana nan a kaina har yau. Kwamiti ya amince baki ɗaya cewa BSc daidai yake da lisans, MSc na bisa lisans, PhD daidai yake da doktora. Wato mun tabbatar da digiri uku waɗanda babu mai ko ɗaya daga cikinsu daga Buza har Keita. Game da HND kuwa, wadda mai ita ke zaune a gabanmu, kwamiti ya ce ya yi nazari. Na buga tampo sau biyu.

Da maraice na same shi zaune a gindin bedi, wato dogonyaro, a ƙofar biro, ya riƙe takardarsa. Ya ce mini tsohuwarsa ta riga ta sa an yaɓe masa ɗaki. Na daɗe ina tunani, sa'annan na gaya masa abin da doka ta bari: babba ma yana iya zama jarrabawar sartifika a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, kuma saura wata uku. Doka ta ce mai nema ya kasance yana da sartifika, ba ta ce kada ya san wani abu bayan haka ba.

Ya dube ni, ya ce, "Da yara?"

Na ce, "Da ƴan takara."

Lissafi ba matsala ba ne. Faransanci ne abin tsoro, domin nasa na kasuwa ne da ɗan abin da ya koya a sakandare, kuma a dikte, wato shifta, kuskure biyar sifiri ne, sifiri kuwa faɗuwa ce gaba ɗaya. Na roƙi kwamandan ya jinkirta cike gurbin. Kullum bayan la'asar ina yi masa dikte a barandata, da jan alƙalami a hannuna. Ranar farko na ƙirga kuskure talatin da ɗaya, na kuma gaya masa adadin ba tare da sassautawa ba.

Ranar jarrabawa na leƙa ta taga. Yana can a layin baya, gwiwoyinsa sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur, ya zauna a karkace. An ba su lissafin wani tankin ruwa da famfo ke cikawa. Ya gama tun kafin mai tsaro ya zauna, sa'annan ya ƙara rubutu a ƙasa cewa bangon da aka kwatanta ya yi siriri, ba zai riƙe ruwan ba. Mai gyara ya rage masa rabin maki saboda ƙazantar takarda.

Ya ci. Kuskurensa a dikte huɗu ne. Na zauna na sake buga masa CV da hannuna, na bar haruffan nan uku a waje, na rubuta sartifikarsa da kyau a tsakiyar shafi, na sa kaina da direkta a matsayin masu shaida. Dosiyen bai kwana biyu a tebur ba aka sa hannu.

Ranar da ya kama aiki, mahaifiyarsa ta zo daga Tama a kan jaki, ta kawo mini zabbi biyu da ƙwaryar albasa. Ta durƙusa, ta kira ni yadda ake kiran malaman boko, ta ce, "Mushe, Allah shi saka ma. Shekara goma sha shidda sunka riƙe min yaro can, ba su ƙare mishi karatu ba. Kai ko wata ukku!"

Na karɓi godiyar, domin ba ladabi ba ne a gyara wa tsohuwa magana. Kwamandan ya fito, ya kama hannun sabon ma'aikacinsa, ya yi masa barka a gaban jama'a. Ya ce ya ga alamar ƙwazo a tare da shi, kada ya tsaya nan. Idan ya dage, nan da shekara huɗu yana iya neman birebe.

Mutumin ya ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe." Ya ɗauki igiyar awonsa, ya bi leburori zuwa korama.