Kebul ta Tagar Ticha

Mai Keke ya shafe yawancin rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki, kuma duk telan da ke unguwar ya san cewa idan keke ya fara tsallake zare, wurinsa ake kaiwa. Shagonsa shi ne ɗakin gaba na gidan da suka gada shi da ƙanensa. Shi yana ƙasa da matarsa, ƙanen yana sama da iyalinsa. Mutum ne mai tsare gida, magana ba ta dame shi ba. Yakan kasa kunne ya saurari keke ya faɗa maka ciwonsa, amma ɗan Adam idan ya wuce gaisuwa sai ya fara gundurarsa.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ta karanci aikin jinya, ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa. Tun da ta tafi, kiran bidiyo na ƙarshen mako ya zama abin da yake jira, ko da yake ko za a yanka shi ba zai yarda ba. Matsalar ita ce rautar gidan, wato akwatin da ke raba intanet, tana falon ƙanen a sama. Kafin wayfai ya ratso rufin siminti ya iso shagon da ke cike da ƙarafa, ya riga ya galabaita. Yarinya za ta ce, "Baba, ina wuni," sai fuskarta ta daskare baki buɗe. Shi kuma ya yi ta ɗaga waya sama yana zagaye kekuna yana "Kina jina?" har kiran ya mutu.

Abin da ke ci masa rai shi ne abin da ke biyo baya. Ba a jimawa sai ya ji waya tana ƙara a sama, sai kuma dariyar ƙanen ta cika gidan.

Ticha ake kiran ƙanen, don yana koyar da lissafi ta waya. Da ɗalibai suka ishe shi da ƙorafin yankewar darasi, sai ya sayo wata 'yar adafta mai tsawon ɗan yatsa. Baki ɗaya yana shiga ramin cajin waya, ɗayan kuma rami ne mai kusurwa huɗu da ake cusa kebul ɗin intanet, kebul ɗin ya tafi kai tsaye bayan rauta. Tun daga ranar wayarsa ba ta sake inda-inda ba. Mai Keke ne ya fi kowa yi masa dariya.

"An ƙirƙiro waya don a huta da igiya, kai ka ɗaure taka kamar akuya."

Amma a kan wannan akuyar 'yarsa take hira da Baffanta har shayi ya huce. A bakin Ticha ya ji an mayar da ita sashen yara. A bakin Ticha ya ji ta sauya gida, har da wata kyanwa da ta tsinta a bakin ƙofa.

"Yaya, ashe ba ta faɗa maka ba?" in ji Ticha, da zuciya ɗaya.

"Ta faɗa," in ji Mai Keke, ya juya ya ci gaba da ɗiga wa keke mai a inda ba ya buƙatar mai.

Kishi yake yi, kishi na gaske. Shi ya goya ta a kafaɗa ranar da ta fara makaranta. Shi ya ɗinka mata jakar littattafai da hannunsa. Yau kuma wani can, don kawai yana da igiya, ya zama shi ne uba. Matarsa ta ce ya hau sama mana su yi kiran tare. Ya ce shi ba zai je ɗakin ƙanensa ya ari 'yarsa ba.

Wata safiya ya rufe shago ya nufi wurin mai kayan waya neman irin adaftar Ticha. Mutumin ya juya wayar ya leƙa ramin cajin, ya ce ba kowace waya ce take karɓar adafta ba, bari a gwada. Ya cusa ta, ya jona kebul ɗin shagonsa, ya kashe wayfai da data. Wasu 'yan fitilu biyu suka kama a bakin adaftar, koriya a tsaye, rawaya tana ƙifce-ƙifce, shafin intanet kuma ya buɗe nan take.

"Taka ta karɓa, Baba. Amma ka ɗauki mai ramin caja a gefe, don adafta daga batirin waya take sha. Kar kana tsakiyar magana ta mutu."

Ya ɗauki mai ramin cajar, ya haɗa da kebul mai tsawo. Saura abu mafi wuya, wato roƙon rami ɗaya a bayan rautar Ticha. Ya hau sama yana cin magani.

"Akwai bidiyon wani sabon keke da nake son kallo. Na aiki ne."

"To, Yaya," in ji Ticha, yana danne murmushi. Da kansa ya cusa kan kebul ɗin har ya ce ƙas, ya zuro sauran ta taga. Mai Keke ya bi bango yana kafe shi da 'yan ƙusoshi, a miƙe sambal, don shi ko da fushi yake aiki ba ya yin na banza.

Ranar kira ya share teburi, ya jingina wayar a jikin wani kan keke, ya sa riga mai guga. Waya ta yi ƙara. Fuskar 'yarsa ta bayyana tar, har yana ganin gajiyar da ke ƙarƙashin idonta.

"Kai, Baba! Yau ga ka garau! Me ya faru?"

"Gyara aka yi."

Suka gaisa. Ya tambaye ta aiki, ta ce alhamdu lillahi. Ya tambaye ta ko tana cin abinci, ta ce tana ci. Ya ce ta riƙe ibada, ta kula da kanta, ta ce to. Daidai nan ne kullum layi yake yankewa. Yau bai yanke ba.

Ya dube ta, ta dube shi. Ya lalubi wata magana a kansa bai samu ba. Kyanwar ta faɗo masa, amma tambaya a kanta zai nuna a bakin wa ya ji. Bai san sunan ƙawarta ko ɗaya ba, bai san ko tagar sabon gidan tana kallon titi ba. Ita ma ta gyara zama, ta taɓa ɗankwalinta, ta yi irin murmushin da ake yi wa baƙo.

"Baba, kana jina?"

"Ina jin ki."

"Na ɗauka ya daskare ne."

"Bai daskare ba."

Shirun ya yi tsawo har kunya ta kama shi. Duk watannin nan yana zagin siminti da wayfai, ashe rufa masa asiri suke yi. Ya kai hannu ƙasan wayar, inda ba ta gani, ya danna ɗan maɓallin kan kebul ɗin ya zare shi. Fitilun suka mutu, fuskarta ta tsaya cak, kiran ya katse.

Matarsa ta leƙo daga ƙofar ciki.

"Har an gama?"

"Layi ne," in ji shi, bai ɗago ba.

Yana zaune da kan kebul ɗin a hannu sai waya ta fara ƙara a sama. Ya ji takun Ticha, ya ji an ja kujera, sai muryar 'yarsa ta sauko ta taga a sake, tana cewa, "Baffa, tsaya ka ji abin da ya faru da ni yau."

Mai Keke ya tashi zai rufe tagar shagon. Da ya kai hannu sai ya fasa, ya jawo kujerarsa kusa da ita ya zauna yana saurare.