Tsumman da Na Manta a Jikina

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare ta Akurba da ke gefen garin Lafiya, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin jihar Filato, na yi kwana tara ina jin ƙyamar kaina.

A wancan zamani da tsumma muke ƙunzugu. Ni kuwa jinina mai yawa ne, don haka ranar da zan daɗe tsaye gaban allo nakan naɗe wani ɗan ƙyalle in tura ciki, sannan in ɗaura na waje. Satin jarrabawa ne al'adar ta zo. Wata rana cikin gaggawa na tura sabo ban cire tsohon ba, da yamma na zaro guda ɗaya na ɗauka shi ke nan.

Kwana uku bayan na yi wankan tsarki wari ya fara, irin na naman da ya kwana a rufe. Ga wani ruwa ƙasa-ƙasa yana ɓata mini kamfai. Na rasa ko jinin ne ya dawo, na rasa ko in yi salla ko in bari. A aji na daina zagayawa tsakanin bencuna. In aka shiga ofishin malamai, sai in tsaya bakin taga kamar mai shan iska.

Yayata na fara faɗa wa, gidanta na bayan namu. Ko gama sauraro ba ta yi ba.

"Ciwon sanyi ne. Mijinki direba, yau Makurɗi gobe Jos, me kike tsammani?"

"Yaya, ba na jin haka yake."

"Ke dai yi abin da na ce."

Na shiga ruwan bagaruwa mai zafi safe da yamma. Na yi turaren tsuguno har cinyoyina suka yi ja. Na je kemis, kunya ta hana ni bayani, na ce mara ke ciwo, mutumin ya ba ni kafso. Turaren da warin suka haɗu, abin ya fi da muni. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne maganar Yaya ta zauna mini. Da maigida ya dawo daga tafiya na tare shi da ita tun bai aje jaka ba. Ya dube ni ya ce, "Ni kike zargi?" Ya fita bai ci tuwonsa ba.

A rana ta tara na je asibiti, bayan na yi ƙaryar ciwon kai ga hedimasta. Nas ɗin wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Egon, Hausarta irin ta kasuwa. Ta tambayi yaushe na gama al'ada, da me nake tarewa. Da na ce ina tura ƙyalle ciki, sai ta aje biro.

"Ka ƙirga wanda ka sa da wanda ka cire?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta kwantar da ni, ta sa safar hannu, ta buɗe gaban da wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa, ta haska. Da hantsaki ta kamo shi can ƙurya kusa da bakin mahaifa. Ko minti biyar ba a yi ba. Ya yi baƙi, ya dunƙule, amma na gane shi: yankin tsohon zanena ne mai ruwan ganye. Warin ya cika ɗakin, na rufe fuska da gyale.

"Ba kai ne na farko ba, Malama," in ji ta. Ta gwada zafin jikina, ta danna marata, ta tambaya ko na yi zazzaɓi, amai, jiri ko ƙuraje. Babu. Ta ce na yi sa'a, don abin da ya daɗe a ciki yakan sa ƙwayoyin cuta su haura mahaifa ko su shiga jini, kuma in ɗaya daga cikin waɗannan ya taso in dawo a ranar, kada in jira. Da a ce na tsuguna da hannu mai tsabta na laluba tun farko, ta ce, ƙila da na ciro shi, in kuma ya ƙi fitowa sai a zo asibiti, ba a tono da wani abu. Ta hana ni cusa komai, ruwa zalla a waje kawai. Saboda wurin ya ɗan kumbura ta rubuta mini magani, ta ce in shanye duka.

Kwana biyu warin ya ɗauke. Yaya da ta ji, cewa ta yi ai bagaruwar ce ta sassauto da shi.

Maigida ne aiki. Na yi masa bayani ina kallon ƙasa, na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji. Amma sai da ya yi tafiya biyu ya dawo kafin ya sake zama mu yi hira a tsakar gida.