Layi na Uku na Jadawali

Shekarata ta biyu ina koyar da lissafi a wata sakandare kusa da Wara, aka ce mu tura ɗalibi ɗaya gasa a Birnin Kebbi. Lokacin kaina ya yi girma, ina ganin daga Yelwa har Shanga babu mai ja da ni. Na shirya jarrabawar tacewa, na sa tambaya ɗaya daga darasin mantiƙi, wato ilimin auna hujja, har na yi mata ado da misalin gida.

Tambayar ita ce: "In iska ta taso, jirgi zai tsaya a gaɓa." Wace magana ce daidai da wannan? Ta farko: "In iska ba ta taso ba, jirgi ba zai tsaya ba." Ta biyu: "In jirgi bai tsaya ba, to iska ba ta taso ba." Na rubuta amsa ina shan shayi, na zaɓi ta farko ba tare da na gwada ba.

Ajin duka suka zaɓi irin tawa, sai yarinya ɗaya, 'yar wani mai jirgin ruwa na fasinja. Ta zaɓi ta biyu, na ja mata jan biro. Maki biyun tambayar nan suka sa ta zo ta biyu, wani yaro ya wuce ta da ɗaya. Na kai sunansa ofishin shugaban makaranta.

Washegari ina raba takardu ta ɗaga hannu.

"Malam, wagga amsa tawa daidai ta."

"Ke, ni da ke wa ya yi digiri?"

"Kai na, Malam. Amma Baba shina tsayawa ko babu iska. In jirgi bai cika ba, ba shi tashi."

Aji ya fashe da dariya, raina ya ɓaci. Na ce yau zan nuna mata lissafi ba hirar bakin ruwa ba ne, za mu yi jadawalin gaskiya a allo kowa ya gani. Aikin ba wuya. Abu biyu ne, iska da tsayawa, kowanne ko ya faru ko bai faru ba, layi huɗu ke nan. A kowane layi a duba ko magana ta gaskata ko ta ƙaryata. Magana mai "in" ba ta ƙaryata sai sharaɗinta ya cika amma abin da ta ce zai biyo baya bai biyo ba. In maganganu biyu suka dace a duk layukan, ɗaya ne. Ko layi ɗaya suka saɓa, an rabu.

Layi na farko: akwai iska, jirgi ya tsaya. Duka ukun gaskiya. Na juyo na harare ta.

Layi na biyu: akwai iska, jirgi ya tafi. Maganar asali ta ƙaryata. Tata ma ta ƙaryata, don jirgi bai tsaya ba ga kuma iska. Tawa kuwa tana maganar ranar da babu iska, saboda haka ta zauna abinta a gaskiya. Na yi tari, na ce allin nan ba shi da kyau.

Layi na uku: babu iska, jirgi ya tsaya. Asali gaskiya, tata gaskiya, tawa ƙarya ƙiri-ƙiri. Abin haushi, ni kaina na sha zama cikin jirgi ranar kasuwa tun hantsi har azahar, ruwa kwance lumui, ana jiran mutum uku da buhun albasa.

"Malam, saura na huɗu," in ji ta, ba ko murmushi.

Na cika shi. Babu iska, jirgi ya tafi, duka gaskiya. Tata ta bi asali sau huɗu cif, tawa sau biyu. Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na so in ce gwada su nake yi, bakina ya ƙi.

"Ta fi ni gaskiya," na ce. "Ku dawo da takardunku."

Aji ya kaure da gunaguni, don kowa zai rasa maki biyu saboda ya zaɓi irin tawa. Yaron da na zaɓa ya miƙo tasa bai dube ni ba, wannan kuwa ya tsaya mini a rai. Na koma ofis na roƙi shugaban makaranta ya goge sunan yaron ya sa nata. Ya sa na maimaita dalili har sau biyu, ina tsammanin don daɗin ji kawai.

Ranar tafiyarta gasa ubanta ya rako ta tasha. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya rage murya.

"Malam, an ce sai da kay yi zane a allo kana ka gane jirgi na tsayawa ba iska. Don Allah in irin wagga ta sake tasowa, ka aiko a tambaye ni. Kada ka wahal da kanka."