Idon da ke Gadin Takalma

Yayana mai hoto ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, da labulen da aka zana wa teku, da benci, da madubin da kowa ke gyara wuyan riga a gabansa ban da shi. Abu biyu Allah ya yi masa: sanƙo tun yana saurayi, da idon hagu da ya karkace waje, irin wanda yara ke kira harara-garke.

A sana'arsa, sa mutum murmushi shi ne rabin aiki. Mutanenmu kuwa da sun ga kyamara sai su ɗaure fuska kamar an zo ƙwace musu gado. Yaya da jikinsa yake kwance su. In aka ɗauke wuta ya ce, "Kada ku damu, ku matso kusa da sanƙona." Wannan wasan na gaske ne. In wani ya rama, ya ce ƙuda ma santsi ke kwasarsa a kan nan, Yaya kan yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙara nasa. Masu sanƙo irinsa har lokacin rufe shago suke kaiwa suna hira.

Na idon daban ne, kuma ni da muka tashi ɗaki ɗaya na san bambancin. Tun baƙo bai gama sallama ba yake jefa shi, da sauri, yana duban kyamara: "Ido ɗaya na kanku, ɗaya na gadin takalmanku." In aka rama, sai ya yi wata guntuwar dariya ya ce a gyara zama. A firamare ya koyi dabarar, lokacin da yake dawowa gida da yagaggiyar riga. Ya gano cewa in shi ya fara faɗa, an rasa abin jifansa da shi. Aka daina dukansa, aka koma cewa, "Ai shi ba ruwansa, ba ya fushi." Ba maganar da na tsana kamar wannan, don da ita kowa ya sami lasisi, har dangi.

Autarsa ta gado idon. Yarinya ce mai shiru, tana aji uku. Ranar da makarantarsu ta kira shi ɗaukar hoton aji na je kai wa ɗana, da shi ma yake makarantar, katin jarrabawa, ina tsaye gefen baranda. Yara sun jeru, dogaye a baya, fuskoki a murtuke. Bakin da ya saba ba ya shawara, sai Yaya ya saki wasan takalman. Aji ya fashe da dariya, kawuna suka fara juyawa wajen Auta a layin gaba.

Ba ta jira sun gama juyowa ba. Ta ɗaga murya ta ce, "Nawa kuma jakunkunanku yake gadi!"

Har malamar sai da ta dafa bango. Yaya ya danna kyamara, don hannu ya riga tunani. Malamar ta ce, "Kai, ɗiyar nan ta gado ka, ba ta da damuwa."

Hoton ya yi kyau, shi ne abin haushin. Na same shi a shago ya buɗo shi a kwamfuta, ya ƙara girman fuskar Auta. Bakinta a buɗe yake, amma ta sunkuyar da kai kaɗan, ta juya ɓangaren hagu daga kyamara, hannayenta sun damƙe gefen siket. 

Daga ranar ya bar wasan ido. Amma abin da ka shekara talatin kana rabawa kyauta ba ya karɓuwa. Wani tela maƙwabcinsa ya shigo da abokai ya ce, "Harara-garke, yau wa zai yi mana gadin takalma?"

Yaya ya ajiye kyamara ya ce, "Don Allah ku daina. Ba na so. Ban taɓa so ba."

Suka kwashe da dariya. Telan ya ce, "Wallahi har da ɗaure fuska! Wannan sabo ne." Na so in jefe shi da benci.

Da yamma na bi shi gida. Auta na tsakar gida tana wanke safa. Ya tsuguna gabanta, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, yana ta laluben kalma.

"Maganar nan da kika yi a makaranta, kada ki sake. Idonki ba abin dariya ba ne."

Ta ɗago ta dube shi. "To ai kai ma kana yi, Baba."

"Na daina."

Ta ci gaba da cuɗa safar, can ta ce, "In na riga su faɗa, bai cika zafi ba. In na bari suka faɗa, har dare ina ji."

Na jira ya ce mata ba haka ba ne. Maimakon haka, sai ya ɗauki ɗaya safar ya sa hannu cikin ruwan.