Buhu Biyu na Koko a Akwatin Hajiya

Bayana ne ya fara gajiya kafin ni. Shekarun da na yi a sitocin unguwar Wendover, nan Amurka, ina loda kwalaye a tirela sun cinye shi, har ta kai ina yin sujada da dabara. Na san in ban samu aikin da ba na ɗauka ba kafin sanyi ya dawo, zama zan yi a gida, matata ta ciyar da ni.

A lokacin ina kai kaya wani ƙaramin shagon alewa a hanyar Summerfield. Mai shagon wani tsohon Bature ne, marar yawan fara'a, shi ya sa muka shirya. Cakulan ɗin da yake narkarwa sayowa yake yi daga kamfani, amma a bayan shago yana da tsohon injin gasa gyaɗa da dutsen niƙa mai lantarki, kuma ya daɗe yana son ya yi nasa tun daga ƙwaya. Ranar da ya ji cewa a gonar koko, ƙwayar da ake yin cakulan da ita, na girma a Gana, ya ce in na kawo masa ƙwaya mai kyau, kuma za ta riƙa zuwa, zai ɗauke ni aiki wajen tsince ƙwayar da gasa ta. Aikin zaune ne. Na ce masa ya ɗauka an gama.

Ban yi boko mai nisa ba, amma koko na san shi. Ƙanena yana riƙe da gonar da mahaifinmu ya yi wa wani mutumin ƙabilar Asante noma, don haka na yi masa waya ya aiko min ta hannun wata Hajiya 'yar zangonmu, mai shagon kayan miya a High Point Road, wadda ta je gida a lokacin.

Da ta dawo na je. Ta jawo ƙananan buhuna biyu daga bayan kanta.

"Malam, ka ga abin da ka ja min? Na bar atamfofina a Kumasi saboda duwatsunka. A filin jirgi sai da suka zazzage su suna shinshinawa."

"Allah ya saka, Hajiya. Atamfa ai kina da ta shekara goma."

"Ji bakinsa! Wannan shi ne na Baturen." Ta dafa buhu ɗaya. "Wancan kuwa ƙanenka ya ce a ba ka haƙuri, mai kyan bai kai yawan da ka ce ba, shi ne ya cika da na gama-gari."

Na kwance na Baturen. Ƙwayoyi fes, masu haske, babu ko ɗigon datti. Na kai hanci, ban ji komai ba. Tun nan na san da matsala.

"Wanke shi suka yi?"

"Da hannun matarsa, ina tsaye. Suna fasawa ta wanke yauƙin tas, ta shanya. Ta ce abin da za a kai Amurka ba za a bar shi ya ruɓe a ganye kamar daddawa ba, kada a ce mu ƙazamai ne."

Don girmamawa suka yi, na sani. Amma wannan yauƙin da ta wanke shi ne aikin gaba ɗaya. In an fasa koko, ƙwayar tana fitowa cikin farin yauƙi mai zaƙi. Tara ta ake yi tuli a kan ganyen ayaba, a rufe, a bar ta wajen mako ana juyawa. Yauƙin ya tsima, ya koma tsami, tulin ya ɗau zafi har in ka cusa hannu sai ka janye. Zafin da tsamin su ke kashe ƙwayar, su shiga cikinta su karya ɗaci da bauri, su shirya abin da wuta za ta mayar ƙamshi daga baya.

Na kai wa tsohon duka biyun. Hannunsa ya tafi kan mai kyan, kamar yadda na kowa zai tafi. Na ce ya ba ni wuƙa. Na tsaga ƙwayoyin a tsaye: cikinsu a cure, ruwan toka, sumul kamar sabulu. Na ba shi ya tauna. Bakinsa ya tattare kamar wanda ya ci ɗanyen goro.

"Wuta ba za ta gyara ba?" in ji shi.

"Ko kusa. Gasa ka gani."

Ya gasa kaɗan don ya tabbatar. Ya fito da ɗaci tsura da warin ɗanyen wake. Muka ture shi gefe.

Na kwance na haƙurin. Baƙi-baƙi ne, da busasshen yauƙi a jiki, wasu sun manne da juna. Da na tsaga, ciki ruwan ƙasa ne mai tsage-tsage, yadda ake so. Sai dai tsami ya bugi hancinmu. Wannan ma na gane shi. A gida a kan tabarmar gora ake shanya, ana motsawa da hannu, rana ta sha shi a hankali, tsamin ya samu hanyar fita. In aka bar shi da laima ya yi fumfuna, in aka kai shi kusa da wuta ya sha hayaƙi, kuma duka biyun ba su da magani. Wannan kuwa sauri aka yi masa saboda jirgin Hajiya. Hajiya ta ce a kan kwanon rufi suka baza shi. Ɓawon ya bushe da wuri, ya kulle tsamin a ciki.

"Wannan aikina ne," in ji tsohon. "Tsami ina iya korar wani abu daga ciki."

Ni a sanina, gashi shi ne a ba abu wuta har ya yi duhu, kamar gyaɗa a rairayi. Shi ya rage wutar, ya bar injin yana juyawa a hankali. Da farko tururin da ke fita har hawaye yake sa mutum. Can sai ya lafa, wani ƙamshi ya taso kamar burodi a tanda, daga nan na cakulan sosai. Na ce a ƙara kaɗan. Ya ce a'a, in ya wuce nan ƙauri ne zai hau, ɗanɗanon 'ya'yan itace da ke ciki ya gudu. Ya juye a faranti, ya sa fanka.

Ɓawon ya ba shi wahala, yana ta hurawa da injin busar da gashin kai, rabin ƙwayar na bin iska. Na kira matata ta zo da faifai. Muka farfasa, ta bakace shi tas tana yi masa dariya. Ya zuba a dutsen niƙa da sukari, ya ce a bar shi ya yi ta juyawa, sauran tsamin zai ƙara fita a nan.

Da na koma, ya riga ya zuba shi ya daskare. Ya ɓalla min. Akwai ɗan tsami a ƙarshen harshe, amma cakulan ne na gaske, mai nauyi, ba bauri. Ya tauna nasa, ya juyo gare ni.

"In aka shanya shi yadda ka faɗa, wannan tsamin zai tafi?"

"Zai tafi. Wannan kam na tsaya masa."

"To ka faɗa wa masu sito ka bar musu. Aikin rabin mako zan fara ba ka, sauran sai buhu na gaba ya iso."

Na karɓa. Ran Juma'a bayan masallaci na samu ƙanena a waya, a shagon da ake kiran mutane a garinsu.

"Yaya, Baturen ya yaba da wankakken?"

"Na haƙurin ya saya. Ka gaishe min da matarka, ka ce na gode, amma kada ruwa ya sake taɓa min koko. Ka rufe shi a ganye yadda Baba yake yi, ka shanya a tabarma, ko jirgi goma zai tashi ya bar shi."

"Da dattinsa, Yaya?"

"Da dattinsa. Buhu nawa za ka iya kafin ƙarshen kaka?"